Abin Da Darakta Ke Nema A Rahoton Gwajin Manhaja

Idan masu gwajin manhaja sun kammala aikinsu kafin a fitar da sabon salo, sukan rubuta wa darakta taƙaitaccen rahoto. Shi ba injiniya ba ne, tambayarsa ɗaya ce: a saki, ko a dakata? Don haka amsar ce ya kamata ta zo a layin farko.

A ce manhajar banki ce ta waya. An yi gwaji 200, guda 190 sun wuce. Darakta zai ga kashi 95 cikin ɗari ya yi murna. To amma idan ɗaya daga cikin goman da suka faɗi shi ne ana cire wa mutum kuɗi sau biyu idan layi ya yanke yana tsakiyar turawa, wannan adadin ya ɓatar da shi. Gara a rubuta masa ƙarara: wa matsalar za ta shafa, me za ta jawo, kwana nawa gyaranta zai ɗauka.

Abin da ya fi damuna shi ne wanda ba a gwada ba. Idan lokaci ya ƙure ba a taɓa tsofaffin wayoyi ba, dole rahoton ya faɗa, domin darakta zai ɗauki shiru a matsayin lafiya lau, ya sa hannu.