Ƙwallon Iniesta da Sigogi Biyu na Ba da Labari a Sifaniyanci

Ranar 11 ga Yuli, 2010, a filin wasa na Soccer City da ke Johannesburg, Sifaniya ta doke Holan da ci ɗaya mai ban haushi, ta ɗauki kofin duniya karo na farko a tarihinta. Andrés Iniesta ne ya zura ƙwallon a minti na 116. Bugun bai ɗauki ko daƙiƙa biyar ba, amma duk ɗan Sifaniyan da zai ba ka labarinsa dole ya riƙa sauya sigar aikatau tsakanin iri biyu, wani lokaci ma a cikin jimla guda. Wannan sauyin shi ne babban tarnaƙin masu koyon Sifaniyanci, kuma da labarin wannan ƙwallo za mu kwance shi.

Siga ta farko sunanta *pretérito indefinido*, wasu littattafai kuma suna kiranta *pretérito perfecto simple*. Ta biyu ita ce *pretérito imperfecto*. Dukansu na abin da ya wuce ne. A aikatau *marcar*, wato cin ƙwallo, ta farko tana ba da *marcó*, ta biyu tana ba da *marcaba*. A aikatau *correr*, yin gudu, ana samun *corrió* da *corría*. Gane siga ta biyu ba wuya: tana ɗauke da *-aba* ko *-ía*, kuma aikatau uku ne kacal suka kauce wa wannan tsari, wato *era*, *iba* da *veía*. Ta farkon ce mai yawan bauɗiya, sai an yi hadda. Amma haddar ƙaramin aiki ne. Aikin yana wajen sanin wacce za a ɗauko a wane wuri.

Ga labarin ƙwallon a taƙaice, yadda mai jin harshen zai iya faɗinsa:

*Era de noche y hacía frío en Johannesburgo. Las vuvuzelas sonaban sin parar. Quedaban cuatro minutos de prórroga, el marcador seguía cero a cero y Holanda jugaba con diez. Entonces Fàbregas vio a Iniesta, que estaba solo a la derecha, y le pasó el balón. Iniesta lo controló, disparó y marcó. Corrió hacia el córner y se quitó la camiseta. Debajo llevaba otra con el nombre de Dani Jarque.*

Da Hausa za mu ce: Da dare ne, ana sanyi a Johannesburg. Ana ta busa bubuzela ba ƙaƙƙautawa. Saura minti huɗu a tashi daga ƙarin lokaci, har yanzu babu ci, Holan kuma tana wasa da mutum goma. Sai Fàbregas ya hango Iniesta yana tsaye shi kaɗai ta dama, ya miƙa masa ƙwallo. Iniesta ya tare ta, ya sheme ta, ta shige raga. Ya ruga kusurwar fili ya tuɓe riga. A ciki yana sanye da wata mai ɗauke da sunan Dani Jarque.

Duba jimloli uku na farko. Aikatau shida ne a cikinsu, *era*, *hacía*, *sonaban*, *quedaban*, *seguía*, *jugaba*, duka a siga ta biyu, kuma babu abin da ya motsa. Mai labari yana shimfiɗa ne: yana gaya maka halin da ake ciki kafin abin ya auku. Ba a faɗa maka yaushe sanyin ya fara ba, ba a faɗa maka yaushe aka daina busa ba, domin ba ruwan labarin da farkonsu ko ƙarshensu. An tsayar da kai a tsakiyarsu ne kawai. Da aka zo kan *entonces*, sai sigar ta juya: *vio*, *pasó*, *controló*, *disparó*, *marcó*, *corrió*, *se quitó*. Kowanne ya auku ya kammala, sannan na gaba ya biyo. Ba za ka iya sauya jerinsu ba tare da ka ɓata labarin ba, don ba a bugawa kafin a tare. Amma jimlolin shimfiɗa kana iya juya su yadda ka ga dama, ka fara da bubuzela ka koma kan sanyi, ba abin da zai lalace.

A nan mai jin Hausa yana da sa'ar da sau da yawa bai san yana da ita ba. Hausa ma tana kula da ko aiki ya kammala ko yana cikin gudana. Muna cewa suna wasa sai ruwa ya sauko, kuma ko yaro ya san wanne ne shimfiɗa, wanne ne abin da ya katse ta. Galibi inda Hausa ta ce yana, tana, suna, ana a cikin labarin da ya wuce, Sifaniyanci *imperfecto* yake so. Haka ma inda ta ce yakan, sukan. Inda kuwa ta ce sai ya, sai ta, sai suka, to *indefinido* ne. Gwajin da na fi yarda da shi shi ne ka tambayi kowace jimla: sai me ya faru? In jimlar tana amsa wannan tambaya, ta farko ce. In tana amsa yaya ake ciki a lokacin, ta biyu ce.

Lura da *estaba* da *llevaba*, waɗanda suka faɗo a tsakiyar gudu. Shimfiɗa ba a farkon labari kaɗai take zama ba. Iniesta bai sa rigar ciki a wannan daƙiƙar ba, tun a ɗakin sauya kaya take jikinsa, don tunawa da abokinsa, kyaftin ɗin Espanyol da ya rasu a watan Agustan 2009. Tuɓe ta sama ne ya auku a lokacin, shi ya sa aka ce *se quitó*. Ta cikin kuwa da ma tana nan, shi ya sa aka ce *llevaba*.

Akwai wata ƙa'ida da ake yawan koya wa ɗalibai, wai aiki mai tsawo *imperfecto* ne, gajere kuma *indefinido*. A ganina gara a watsar da ita tun da wuri, domin tana kai mutum ga kuskure. An kwashe sama da sa'a biyu ana wasan nan, amma *el partido duró más de dos horas* ake cewa, da siga ta farko, saboda an kalli wasan dunƙule, da farkonsa da ƙarshensa. An ba John Heitinga jan kati a minti na 109. Idan ina shimfiɗa wa ƙwallon Iniesta, zan ce *Holanda jugaba con diez*. Idan kuwa ina ba da bayanin abin da ya samu Holan ne, zan ce *jugó con diez hasta el final*, domin na rufe lokacin da iyaka. Abin da ya faru a fili bai sauya ba, wurin da mai labari ya tsaya ne ya sauya. Hausa ma haka take yi: ya yi shekara goma a Madrid, ba mu cewa yana yin shekara goma, duk tsawonsu. Saboda haka idan ka ga an ƙayyade tsawon lokaci, kamar *toda la noche* ko *diez años*, a labarin abin da ya faru sau ɗaya, siga ta farko za ka nema.

Kuskure a nan ba koyaushe yake haifar da jimla marar kyau ba, kuma wannan ne haɗarinsa. Sau da yawa jimlar tana fitowa lafiya lau, sai dai ta faɗi abin da ba ka nufa ba. Mai tsaron gida Iker Casillas ya zubar da hawaye bayan an ci ƙwallon. *Cuando Iniesta marcó, Casillas lloró* na nufin da aka ci, sai ya fashe da kuka. In ka ce *lloraba*, ka mayar da shi mutumin da tuni yake kuka kafin ƙwallo ta shiga, mai sauraro kuma zai fara tambayar me aka yi masa.

To, ina Hausa take yaudarar mai koyo? Wajen aikatau na hali. Muna cewa sun gaji, ya san shi, ya isa, da sigar abin da ya kammala, alhali halin da ake ciki muke nufi. Wanda ya bi sigar Hausa ido rufe zai ɗauko *indefinido*, ya ɓata ma'ana. 'Yan wasa sun gaji a minti na 116, shimfiɗa ce: *estaban cansados*. Iniesta ya san Jarque, wato akwai sanayya a tsakaninsu: *conocía a Jarque*. In ka ce *conoció*, ka koma kan ranar da suka fara haɗuwa. Haka *sabía* ya san da maganar ne, *supo* kuwa ya samu labari a wannan lokacin. Ma'anar aikatau ɗin ba ta rabu biyu ba. Siga ta farko tana neman iyaka ne, hali kuma ba shi da wata iyakar da za a kama sai mafarinsa.

Wani wurin kuma Hausa ba ta ba da wata alama sam, domin ba ma sa aikatau. Shekarunsa 26 a lokacin: *tenía 26 años*. Ƙarfe kaza ne na dare: *eran las*, sannan adadin. Shekaru da ƙarfe a labari kusan kullum shimfiɗa ne. Mai wuyar ita ce ne da ce. Wasa ne mai zafi, kuma da gaske ya yi zafi, don alƙalin wasa Howard Webb ya ɗaga katin gargaɗi sau 14. Idan kana tsakiyar labari, kana shirya mai sauraro ga abin da zai biyo, *era un partido duro*. Idan an tashi kana yanke hukunci a kan wasan gaba ɗaya, *fue un partido duro*. Mai jin harshen da ya ji *era* zai jira ci gaba, wanda ya ji *fue* ya san ka gama magana.

Mai karanta shafukan wasanni na jaridun Sifaniya zai ci karo da abin da ya yi kama da saɓa duk wannan bayani, irin su *en el minuto 116 Iniesta marcaba el gol de la victoria*. Aiki ne na ƙiftawar ido, an faɗi mintinsa, amma ga shi a siga ta biyu. Masana nahawu suna kiran wannan salo *imperfecto narrativo*. Marubucin yana sane yake yi, don ya rage wa lokacin gudu, ya tsayar da mai karatu a cikinsa. Salon jarida ne da littattafan tarihi, kuma kusan kullum yana zuwa tare da kwanan wata ko minti da aka ambata a fili. A hira ta baki ba kasafai ake jinsa ba, don haka mai koyo ya gane shi idan ya gani, amma a nasa labarin ya tsaya a kan *marcó*, ya kuma danna muryarsa a gaɓar ƙarshe, domin *marco* mai nauyi a gaɓar farko na nufin ina ci, a halin yanzu.