Akawu a Garou: Rufe Littafi Ka Tambayi Kanka

A nan Garou, cikin gundumar Malanville, kusan kowace ƙungiyar manoman shinkafa da ta 'yan kasuwa na buƙatar mai riƙe mata littafin kuɗi. Yawancin masu koyon aikin magidanta ne, sai bayan sallar isha'i suke samun sukunin karatu. Kukansu ɗaya ne: abin da suka karanta da dare, kafin mako ya zagayo ya gudu.

Tun 1885 Bajamushe Hermann Ebbinghaus ya nuna cewa mantuwa ta fi sauri jim kaɗan bayan karatu. Maganinta shi ne mutum ya tono amsar daga kansa, littafi a rufe, kuma ya riƙa barin tazara tsakanin bita da bita.

Mu ɗauki misali. Ƙasarmu Benin na bin tsarin lissafin SYSCOHADA, wanda gyararren fasalinsa ya fara aiki a 2018, kuma kowane asusu da lambarsa. Sai ka yanki kwali ka rubuta a fuskarsa: "Ɗan kasuwa ya saro shinkafa, ya sayar da ita bashi kan sefa 100,000. Yaya za a shigar?" A bayansa ka sa amsa: 411, asusun masu saye, a ɓangaren debi, wato hagu, 701, asusun cinikin haja, a ɓangaren kiredi, wato dama. Kwali na biyu: "Mai sayen ya kawo sefa 40,000 kuɗi hannu." Amsa: 571, akwatin kuɗi, a debi; 411 a kiredi. Saura 60,000 ake binsa.

Ka rubuta amsarka tukuna kafin ka juya kwalin. Wanda ya leƙa ya ce "ai na sani" kansa ya yaudara, domin gane amsa daban, kawo ta daban.

Tazarar kuwa dabarar Sebastian Leitner ce ta 1972, kuma gwangwanin madara uku sun isa. Na farko a duba kullum, na biyu bayan kwana uku, na uku mako-mako. Kwalin da ka ci ya matsa gaba. Wanda ka faɗi ya koma na farko, ko daga ina yake.

Sai dai akwai tarko. In amsa tana zuwa maka tun ba ka gama karanta tambayar ba, kwalin ka haddace, ba ƙa'idar ba. Sai ka sauya labarin: albasa a madadin shinkafa, saye bashi a madadin sayarwa. Nan za ka gane ko kana rikita 411 da 401, asusun masu kawo maka kaya. Wannan kuskure ba ya hana jimillar debi da kiredi daidaituwa, amma yana ɓoye bashin da ake bin mai saye.

Don haka kowane mako ka shigar da cinikin yini guda cikakke, sannan ka gwada ragowar kowane asusu da rasitansa.