Karɓa da jajircewa: hanyar jinyar da ba ta jiran tsoro ya tafi

Bayan faɗawar Mubi hannun Boko Haram a watan Oktoba na 2014, dubban mutane sun kwararo Yola da Jimeta, wasu suka sauka gidajen dangi, wasu a sansanoni irin na Malkohi. Jimeta kanta ta ga tashin bama-bamai a 2015, ciki har da na masallacin Jambutu a watan Oktoba da na wata kasuwa a watan Nuwamba. Irin wannan tashin hankali yakan bar fargabar da ke daɗewa a zuciya bayan komai ya lafa. Ɗaya daga cikin hanyoyin jinyar ta ita ce tsarin karɓa da jajircewa, wanda aka fi sani da ACT.

Masanin halayyar ɗan Adam Steven Hayes na Amurka ne ya fara gina tsarin a shekarun 1980, kuma a 1999 ya fitar da littafinsa tare da Kirk Strosahl da Kelly Wilson. Tushensa shi ne cewa yawan ƙoƙarin korar tsoro ko baƙin ciki yana kawo sauƙi na ɗan lokaci, amma yana ƙuntata rayuwa. Abin da ake nema shi ne sassaucin zuciya: mutum ya iya lura da abin da yake ji a yanzu, ya bar shi ya zauna, ya kuma aikata abin da ke da daraja a wurinsa.

A ɗauki misalin mai sayar da kayan miya da ya daina zuwa kasuwa tun bayan wani hari. Duk safiyar da ya fasa fita yakan ji sanyi a ransa, wannan sanyin ne kuma ke koya masa fasawa gobe. A hankali ya bar zuwa ɗaurin aure da jana'iza, jari ya narke. Mai ba da shawara ba ya musu da shi a kan ko kasuwa na da haɗari. Yakan fara da tambayarsa abin da ya gwada, da ribar da ya ci, da asarar da ya yi.

Daga nan sai a koya masa raba kansa da tunaninsa. Maimakon ya ce “zan mutu idan na shiga taro”, sai ya ce “ga tunanin nan ya zo cewa zan mutu”. Sauyin ƙarami ne, amma yana mai da maganar daga umarni zuwa abin da ake kallo. Idan ƙirji ya fara bugawa, sai ya dafa ƙafafunsa a ƙasa, ya sassauta numfashi, ya ambaci abin da yake gani da abin da yake ji a kewayensa.

Sashen da ya fi nauyi shi ne gano abin da yake daraja. Tsarin ya bambanta buri da alƙiblar rayuwa. Biyan kuɗin makarantar yaro buri ne, ana cimma shi a gama. Zama uba mai kula da iyalinsa alƙibla ce, ba ta da ranar ƙarewa, kuma marar ko sisi ma yana iya binta yau. Idan ɗan kasuwar ya ce wannan ce tasa, sai a yanka masa aiki daidai ƙarfinsa: tsayuwar minti 10 a bakin kasuwa da sassafe, bayan kwanaki ya zauna rumfar ɗan'uwansa awa ɗaya, da fargabar tare da shi.

Ana yawan kuskure a wurare biyu. Wasu na ɗaukar karɓa a matsayin haƙuri da zalunci, alhali abin da ake karɓa shi ne motsin zuciya. Matar da ake duka kariya take buƙata. Wasu kuma na mai da atisayen numfashi sabuwar dabarar korar tsoro, alamar hakan ita ce su ce “na yi amma bai tafi ba”. Ma'aunin ci gaba shi ne ko mutum ya koma harkokin da ya bari.

Hukumar Lafiya ta Duniya ta gina wani shirin taimakon kai a kan wannan tsari, mai zama biyar na kusan awa biyu, wanda waɗanda ba likitoci ba ke jagoranta bayan ɗan horo. An gwada shi a kan mata 694 ’yan gudun hijirar Sudan ta Kudu a Yuganda, sakamakon da aka wallafa a 2020 ya nuna damuwarsu ta ragu, ko da yake tasirin ya ja baya bayan wata uku. Shirin na masu damuwa ne, ba ya maye gurbin likita. Mai tunanin kashe kansa, ko mai jin muryoyi, ko wanda mafarkin hari ke hana shi barci, yana buƙatar ganin likitan ƙwaƙwalwa ba tare da jinkiri ba, a wuri irin Asibitin Koyarwa na Jami'ar Modibbo Adama da ke Yola.