Farasitamol da hantar mashayin giya

Farasitamol magani ne mai sauƙin illa idan aka tsaya kan ƙa'ida: babba ya sha ƙwaya biyu masu miligiram 500, ya bar aƙalla awa huɗu kafin ya ƙara, kada kuma ya wuce ƙwaya takwas, wato giram 4, a kwana ɗaya. Amma wannan lissafi na mai lafiyayyiyar hanta ne.

Hanta ce ke sarrafa maganin. Mafi yawansa tana mayar da shi abin da zai fita ta fitsari lami lafiya, sai ɗan kaɗan da ke rikiɗewa ya zama guba mai suna NAPQI. Hanta tana da ajiyar wani sinadari, gulutatiyon, wanda ke kashe gubar nan take. Mai shan giya kullum, ta kwalba ce ko burkutu ko ogogoro, yana ɓata wannan tsari ta fuska biyu. Giyar tana ƙara wa hanta sinadarin da ke haifar da gubar, sannan tana rage ajiyar gulutatiyon, balle ga wanda ba ya cin abincin kirki.

Abin da mutane ba su cika sani ba shi ne, haɗarin ya fi tsanani bayan giyar ta sake shi. Muddin tana cikin jini, ita ce ke shagaltar da sinadarin. Da ta fita, sai ya koma kan farasitamol da dukkan ƙarfinsa, kuma daidai lokacin ne mutum ke neman maganin ciwon kai.

A ce mutum ya kwana yana sha ranar Asabar. Lahadi ya tashi kansa na sarawa, bai iya cin komai ba. Ya haɗiyi ƙwaya uku da safe, uku da azahar, uku da dare. Tsakani ya sayi maganin mura a kyamis ya sha biyu, bai san kowace ƙwaya na ɗauke da farasitamol miligiram 500 ba. Ya sha giram 5.5 ke nan. Ga mashayi irinsa, likitoci da yawa ba sa son ya haura giram 2 a rana.

Mugun abin shi ne ranar farko ba ta nuna komai, sai ɗan tashin zuciya da zai ɗora wa giyar jiya. A kwana na biyu ko na uku ciwo ke bayyana a ƙarƙashin haƙarƙarin dama. Daga nan ido ya yi ɗorawa, fitsari ya yi duhu, hankali ya fara gushewa. Wanda ke ɗauke da ciwon hanta nau'in B, wanda ya yawaita a ƙasashenmu, shi ya fi shiga uku.

Akwai makarin gubar a asibiti, asetilsistin, kuma ya fi aiki idan aka ba da shi cikin awa takwas. Wanda ya zarce ƙa'ida ya tafi tun yana jin garau, da kwalayen duk abin da ya sha, ya kuma gaya wa likita gaskiyar yawan giyar da yake sha, ko da kunya za ta kashe shi.