Zafi Da Awon Ruwan Batir: Gyaran Da Ake Mantawa

Mai gyaran batir da ya san aikinsa yakan auna ƙarfin ruwan batir da wata 'yar na'ura ta gilashi mai suna haidiromita. Kanta na roba ne. A matsa shi a saki, ya zuƙo ruwan, sai wani ɗan bututu mai lambobi ya yi iyo a ciki. Inda saman ruwan ya tsaya a jikin bututun, nan ne lambar. Abin da na'urar ke aunawa shi ne nauyin ruwan batir idan an gwada shi da ruwa zalla. Ruwa zalla 1.000 ne. Batirin mota mai cikakken caji yakan kai wajen 1.265, wanda ya sauke kuwa yakan faɗo wajen 1.120, domin asid ɗin yana shigewa cikin farantan dalma yayin da batir ke ba da wuta.

Sai dai lambar tana canzawa da zafi. Ruwa idan ya ɗauki zafi buɗewa yake yi, ya rage nauyi, bututun ya ƙara nutsewa, sai lambar ta fito ƙasa da gaskiya. Idan ya yi sanyi kuma sai ta fito sama. Shi ya sa kowace haidiromita take da zafin da aka daidaita ta a kai, kuma yawanci a rubuce yake a jikinta ko a takardarta. Da yawa daga cikin na batir a kan digiri 27 aka yi su, wasu 25, wasu 20.

Ƙa'idar gyaran mai sauƙi ce. Duk digiri ɗaya da ruwan ya haura zafin da aka rubuta, a ƙara 0.0007 a kan lambar da aka karanta. Duk digiri ɗaya da ya gaza, a rage 0.0007.

Mu ɗauki batirin sola a wani shago a Sakkwato cikin watan Afrilu. A ce takardar kamfanin ta nuna cikarsa 1.245 ne a digiri 27. An gama caji da yamma, an tsoma ma'aunin zafi cikin ruwan, ya nuna 47. Haidiromita ta ba da 1.230. Tazarar digiri 20 ce. 20 sau 0.0007 ya ba da 0.014. A haɗa da 1.230, an sami 1.244. Ashe batirin a cike yake. Wanda bai yi wannan lissafi ba zai ga kamar kusan kashi ɗaya cikin goma na cajin ya ɓace, sai ya ci gaba da banka masa wuta, ruwan ya yi ta tafasa yana ƙafewa. Mafi muni shi ne ya ƙara masa asid da sunan ƙarfafa shi, alhali asid ɗin da ya wuce kima cin farantan yake yi, ya rage wa batir kwana.

A lokacin hunturu abin juyawa yake. Da asuba a Jos ruwan na iya sauka zuwa digiri 12. Idan aka karanta 1.235, to gaskiyarsa wajen 1.225 ne, cajin bai kai yadda ido ya gani ba.

Zafin da ake nufi na ruwan batirin ne, domin bayan caji yakan fi iskar ɗakin zafi sosai. Kada kuma a auna da zarar an ƙara tataccen ruwa, saboda yana zama a sama bai gauraya ba. A bari sai an yi caji tukuna. A ɗaga na'urar daidai ido, a tabbata bututun bai jingina da gilashi ba, a auna ramuka shidan duka. Idan bayan gyara wani rami ya bambanta da sauran da 0.050, alama ce ramin ya lalace. Tabarau da safar hannu dole ne, asid ba ya raga wa ido.

Akwai kuma rifraktomita, wadda ake ɗiga wa digo biyu a leƙa ta cikin haske. Da ita ake auna sukari a ruwan rake da ruwan 'ya'yan itace, akwai ta batir ma. Yawancinsu a digiri 20 aka daidaita su. Mai ɗauke da alamar ATC tana gyara kanta, amma galibi tsakanin digiri 10 da 30 kawai, kuma zafin jikin na'urar take bi. Wadda aka bari a rana a bazara ta fita daga wannan iyaka. A ajiye ta a inuwa, a daidaita ta da tataccen ruwa, a jira kamar daƙiƙa talatin bayan ɗigawa kafin a karanta.

Duk awon da za a rubuta a littafi, a rubuta shi tare da zafin ruwan da kuma lambar da aka gyara. Da haka ne za a iya gwada awon bazara da na hunturu, a san ko batirin ya soma tsufa da gaske.