Abin da Kuɗin Aike Ke Zubarwa a Hannun Ɗan Canji

Ɗan canji farashi biyu gare shi a kan kowane kuɗi: wanda yake saye da shi, da wanda yake sayarwa da shi. Tazarar da ke tsakaninsu ita ce ribarsa, ita ce kuma kuɗin da ke salwanta daga aiken da 'yan ci-rani ke turo wa iyalansu a Sakkwato ba tare da an rubuta shi a ko'ina ba. Maganar ta ƙara nauyi tun watan Janairun 2024, lokacin da Babban Bankin Nijeriya ya umarci kamfanonin turo kuɗi daga waje da su riƙa biyan mutane da naira kawai. Wanda aka turo wa kuɗi alhali dala ko sefa yake buƙata, dole ya canza sau biyu.

Kuskuren da ya fi yaɗuwa shi ne cewa in ɗan canji bai karɓi la'ada ba, to kyauta ya yi aikin. Sai ka ji mutum yana cewa "ai ko kwabo bai cire ba." Ya cire, sai dai a cikin farashi ya saka ta. Kamar mai awon gero ne da ke saye da mudu a tsoro, ya sayar da shi a shafe: sunan mudun ɗaya ne, amma hatsin ba ɗaya ba. Ko kuwa mai juye manja daga galan zuwa galan, wanda bai zubar da ko ɗigo a ƙasa ba, amma kowane galan ya riƙe rabonsa a jikinsa. Ko yadin da aka kai wa tela sau uku, kowane zuwa a ɗan datse baki.

Lissafin ba shi da wuya. A ɗauka, a matsayin misali, ɗan canji na sayen dala a kan naira 1,500, yana sayarwa a kan 1,520. Farashin tsakiya 1,510 ke nan, kuma shi ne ma'aunin ainihin darajar kuɗin. Mai sayarwa ya yi asarar naira 10 a kowace dala, mai saye ma haka. Wanda ya sayar da dala 1,000 ya karɓi naira 1,500,000, in ya juyo nan take ya ce a mayar masa, dala 986 da 'yan kai zai samu. Hanyar gano asarar zuwa da dawowa ita ce a raba tazarar da farashin sayarwa: 20 a raba da 1,520, wato kashi 1.3 cikin ɗari.

Dala ce mafi sauƙin asara, domin kullum akwai mai nemanta. Inda abin yake ciwo a Sakkwato shi ne riyal da sefa, kuɗaɗen da aiken mutanen yankin ya fi bi ta kansu saboda Saudiyya da kuma iyakar Illela da Birnin Konni.

A ɗauki wani magidanci da ke aiki a Jidda. Ya ba wani mai dawowa daga Umara riyal 3,000, ya kawo wa ƙanensa a Sakkwato, shi kuma ya kai wa surukansa a Konni. Tun 1986 Saudiyya ta ɗaure riyal a kan 3.75 a kowace dala, don haka riyal 3,000 dala 800 ne cif, wato naira 1,208,000 a farashin tsakiya na misalin nan, kimanin naira 403 kowane riyal. Amma ɗan canjin da ya san cewa riyal zai iya kwana a jakarsa har lokacin tafiyar alhazai ba zai biya haka ba. In ya saya a kan 385, ƙanen zai tashi da naira 1,155,000. Naira 53,000 ta tafi a taku ɗaya, sama da kashi 4 cikin ɗari.

Sai taku na biyu. Ana cinikin sefa ne da jaka, wato sefa 1,000. A ce ana sayen jaka a kan naira 2,550, ana sayarwa a kan 2,650. Naira 1,155,000 za ta ba shi jaka 435 da ɗoriya, alhali da farashin tsakiya aka bi tun daga Jidda, jaka 464 da rabi ya kamata su isa Konni. Kusan jaka 29 sun narke a hanya. In kuwa aka ɗaga hidimar da aka turo kuɗin dominta, aka dawo da sefar aka mayar naira, ɗan canji zai saya a kan 2,550, a samu kimanin naira 1,111,400. Idan aka kwatanta da 1,208,000 na asali, asarar ta kai kashi 8 cikin ɗari, kuma ba a sayi ko allura ba. Majalisar Ɗinkin Duniya kuwa burinta shi ne kafin 2030 abin da ake cirewa daga kuɗin aike ya sauko ƙasa da kashi 3.

Wani abin lura da ba kowa ke ganewa ba: yawan canji ba shi kaɗai ne matsala ba, faɗin tazarar ya fi shi. Da magidancin ya mayar da riyal ɗinsa dala tun a Jidda, ko da a kan 3.77 ne, zai samu kusan dala 796. A Sakkwato, a kan 1,500, za su ba da naira 1,193,600. Canji biyu ke nan, amma asarar ba ta wuce naira 14,400 ba, maimakon 53,000 ta canji ɗaya. Sharaɗin shi ne dalar ta zama 'yar ɗari-ɗari sabuwa, mai shuɗin zare, wadda Amurka ta fitar a 2013, domin 'yan canji kan rage farashin tsofaffin takardu da ƙananan 'yan goma da ashirin.

Wannan ɗaurin na riyal shi ne kuma ma'aunin gane tsada. A raba farashin dala na ranar da 3.75, a ga nisan abin da ɗan canji ya faɗa da amsar. Sefa ma haka take: tun 1999 yuro ɗaya sefa 655.957 ne, don haka in aka raba farashin yuro da 656 aka ninka da dubu, an sami kimar jaka. Hanya mafi sauƙi kuma ita ce a tambayi farashin saye da na sayarwa gaba ɗaya, kafin a nuna wanne aka zo yi.

Ba duk tazarar ce haɗama ba. A Fabrairun 2024 dala ta doshi naira 1,900 a kasuwar bayan fage, zuwa tsakiyar Afrilu ta faɗo kusan 1,100. Wanda ya kwana da kuɗin waje a irin wannan lokaci zai iya wayar gari da rabin jari, saboda haka yake buɗa tazara ya kare kansa. Ranar da farashi ke tsalle, ranar ce mafi muni ga mai canji biyu.

Hukuma ta taɓa lamarin, amma daga gefe. A Fabrairun 2024 Babban Banki ya sayar wa 'yan canji masu lasisi dala 20,000 kowanne a kan naira 1,301, bisa sharaɗin kada ribarsu ta wuce kashi 1 cikin ɗari, sannan a farkon Maris ya soke lasisin 4,173 daga cikinsu. Sharaɗin ya tsaya ne a kan dalar da bankin ya bayar. Bai taɓa riyal ɗin da ke shigowa a aljihun masu Umara ba, balle sefar da ake ƙirgawa a bakin iyakar Illela, inda farashi yake abin da baki ya faɗa, kuma galibi ba a ba mai canji ko guntuwar takarda.