Kashi 80 na Manhajar Gano Rubutun Na'ura: Me Yake Nufi?

Tun da ChatGPT ya fito a ƙarshen shekarar 2022, malamai a jami'o'i da kwalejoji suka shiga neman hanyar bambance rubutun ɗalibi da rubutun na'ura. Kamfanoni kuwa ba su yi sanya ba, suka fito da manhajojin da za a zuba musu rubutu su fitar da adadi: kashi 12, kashi 55, kashi 80 cikin ɗari. Abin da ya biyo baya shi ne wata fassara da ta yaɗu a ofisoshin malamai da ɗakunan dipens. Da zarar an ga kashi 80, sai a ce: "Ai akwai tabbacin kashi tamanin cikin ɗari cewa ba kai ka rubuta ba." Wannan fassara kuskure ce, kuma kuskure ne da ke iya sa a maimaita wa ɗalibi shekara ko a kore shi kan laifin da bai aikata ba.

Mu ɗauki Turnitin, manhajar da makarantu da dama ke biya don duba satar rubutu, wadda ta ƙara sashen gano rubutun na'ura a watan Afrilun 2023. Yadda take aiki shi ne ta yanka rubutu gunduwa-gunduwa, ta auna jimlolin da ke cikin kowace gunduwa, ta yi wa waɗanda take zargi alama. Adadin da take nunawa a ƙarshe kaso ne na rubutun da ta sa wa alamar. Wato kashi 80 na nufin, a hasashenta, huɗu bisa biyar na jimlolin sun yi kama da na na'ura. Ma'aunin yawa ne, bai auna yaƙini ba. Rubutu na iya samun kashi 25 alhali ɗalibi ya kwafo sakin layi biyu kai tsaye daga na'ura, wani kuma ya samu kashi 80 alhali mai shi ya kwana yana rubuta shi da hannunsa, sai dai salon nasa ne manhajar ta yi wa mummunar fahimta daga farko har ƙarshe. Kamfanin da kansa ya san ƙananan alƙaluman ba abin dogaro ba ne, shi ya sa idan sakamakon bai kai kashi 20 ba, yanzu alamar tauraro kawai yake nunawa a maimakon lamba.

Abin da ke ƙara rikita malamai shi ne wannan adadi yana zaune kusa da wani da suka saba da shi, wato adadin kamanceceniya da rubuce-rubucen wasu. A wancan, idan manhaja ta ce sakin layi kaza an ɗauko shi daga wata maƙala, malami zai iya buɗe maƙalar ya jera su ya gani da idonsa. A wannan kuwa babu abin buɗewa. Manhajar ba ta ga lokacin da aka yi rubutun ba, ba ta da wani kundi na abin da na'ura ta taɓa rubuta wa wane. Salon kalmomi kawai take dubawa. Su manhajojin da ke rubutu, yawanci kalmar da aka fi tsammani suke zaɓa bayan wadda ta gabace ta, don haka rubutunsu yakan fito sumul, jimlolin kusan tsawo ɗaya. Mai ganowa kuma irin wannan santsi yake farauta. To amma kama da wane ba wane ba ne. Mutum ma yakan yi rubutu mai santsi, musamman a babin bayanin hanyoyin bincike na furojet, inda kowa ke bin tsari iri ɗaya da kalmomi iri ɗaya.

Wani zai ce, to mun ji, amma ai kamfanin Turnitin ya ce kuskurensa bai kai kashi ɗaya cikin ɗari ba, ashe ke nan idan ya kama mutum akwai tabbacin kashi 99 cewa mai laifi ne. A nan ne ko masu ilimi ke zamewa, don haka bari mu tsaya mu yi lissafin a tsanake.

Kashi ɗaya ɗin nan amsa ce ga tambaya guda: a cikin rubuce-rubuce ɗari da mutane suka yi da kansu, nawa manhajar za ta yi wa ƙage? Tambayar malami kuwa daban ce: a cikin waɗanda manhajar ta kama, nawa ne masu gaskiya? Amsar ta biyu ta dogara da wani abu da manhajar ba ta da masaniya a kai, wato yawan waɗanda suka yi maguɗin tun asali.

Ga misali, kuma alƙaluman na misali ne kawai don a ga yadda lissafin ke tafiya. A ce sashe guda yana da ɗalibai 1,000. A ce manhajar tana kama 80 cikin kowane 100 da suka yi amfani da na'ura, tana kuma yi wa mutum 1 cikin 100 na masu gaskiya ƙage. Idan ɗalibai 50 ne suka sa na'ura ta rubuta musu, za ta kama 40 daga cikinsu. Sauran 950 da suka yi aikinsu da guminsu, za ta haɗa da kusan 10. Jimillar waɗanda aka kama 50 ke nan, kuma 10 daga ciki ba su ji ba ba su gani ba. Mutum ɗaya cikin kowane biyar, ba ɗaya cikin ɗari ba.

Yanzu a bar manhajar yadda take, a sauya ajin kawai. A ce ɗalibai 10 ne rak suka yi maguɗi cikin dubun. Za ta kama 8. Masu gaskiya 990 ne, za ta yi wa kusan 10 ƙage. An kama 18, fiye da rabinsu kuma masu gaskiya ne. Idan kuwa rabin ajin ne suka yi, za ta kama 400 na gaske da 5 na ƙage, a nan zarginta ya yi ƙarfi sosai. Manhaja ɗaya, kuskure ɗaya na kashi ɗaya, amma yiwuwar cewa wanda aka kama mai laifi ne ta tashi daga ƙasa da rabi zuwa kusan kashi 99, gwargwadon ajin da aka shiga. Abin takaicin shi ne ajin da ya fi kowanne riƙon gaskiya, a cikinsa ne kamun manhajar ya fi zama ƙage.

Irin wannan lissafi ne ya sa Jami'ar Vanderbilt da ke Amurka ta kashe wannan sashe na Turnitin a watan Agustan 2023. Ta ce a shekarar 2022 ta aika wa manhajar rubuce-rubuce 75,000, don haka ko da kuskuren kashi ɗaya ne, kimanin 750 ke nan da za a iya yi wa tambarin ƙarya. Kamfanin OpenAI ma, mai ChatGPT ɗin kansa, ya fitar da tasa manhajar ganowa a watan Janairun 2023. Da bakinsa ya faɗi cewa kashi 26 kawai na rubutun na'ura take kamawa, tana kuma yi wa kashi 9 na rubutun mutane ƙage. A watan Yulin shekarar ya janye ta saboda rashin inganci.

Akwai wasu manhajojin da ba kaso suke nunawa ba, kai tsaye suke cewa yiwuwar na'ura ce ta rubuta ta kai kashi kaza. Su ma ba su tsira ba. Wannan adadi an saita shi ne a kan tarin rubuce-rubucen da kamfanin ya yi gwaji da su, da irin cakuɗar da ya zaɓa ta rubutun mutum da na na'ura. Ajinka ba shi ne wannan tari ba.

Batun da ya fi shafar mu kuwa shi ne cewa kuskuren ba ya faɗa wa kowa daidai wa daida. A shekarar 2023 masu bincike a Jami'ar Stanford sun gwada manhajoji bakwai da insha'i 91 na jarrabawar TOEFL, waɗanda mutanen da Turanci ba harshen uwa ba ne gare su suka rubuta. A matsakaici, manhajojin sun ce kimanin kashi 61 na waɗannan insha'i na'ura ce ta rubuta su, alhali duk mutane ne. Da aka ba su insha'in 'yan makarantar Amurka, da ƙyar suka yi kuskure. Adalci ne a faɗi cewa Turnitin ba ta cikin bakwai ɗin, kuma manhajojin sun sauya tun daga lokacin. Amma dalilin kuskuren yana nan: wanda ya koyi Turanci a aji yakan tsaya kan kalmomin da ya tabbatar da su, da ginin jimlar da aka koya masa, ba ya yawan kasada. Ɗalibinmu na Kano ko Sakkwato da ke tunani da Hausa yana rubutu da Turanci, siffarsa ke nan. A mayar da kuskuren misalinmu na farko daga kashi 1 zuwa kashi 10 kacal, sai masu gaskiyar da za a kama su tashi daga 10 zuwa 95, a gefen masu laifi 40.

Sannan ko da manhajar ta yi daidai cewa na'ura ta taɓa rubutun, wannan bai nuna mutum bai rubuta ba. Ɗalibi na iya yin bincikensa da rubutunsa, sannan ya sa manhajar gyaran nahawu ta goge masa Turancin, ko ya rubuta da Hausa ya sa na'ura ta fassara. Ko hakan ya halatta ko bai halatta ba, dokar makaranta ce za ta faɗa, kuma ya kamata a faɗa tun kafin a ba da aikin. A ɗaya gefen, wanda ya kwafo komai daga na'ura ya ɗan sassauya kalmomi yana iya fita da kashi sifili. Ƙaramin adadi ma ba takardar wanke kai ba ce.

Ba ina cewa maguɗi ba ya faruwa ba. Yana faruwa, kuma malamin da ke duba rubutu ɗari uku yana da haƙƙin neman abin da zai rage masa wahala. Adadin manhaja na iya zama dalilin a sake duba aiki da kyau. Hujjar kuwa a wani wuri take. A duba littattafan da ɗalibin ya ambata a ƙarshen aikinsa, domin na'ura takan ƙirƙiro sunan maƙalar da babu ita a duniya, kuma wannan abu ne da ake iya tabbatarwa. A nemi daftarin farko da wanda sufabaiza ya yi wa gyara da jan biro. Idan a Google Docs aka yi aikin, tarihin sauye-sauyensa zai nuna ko an gina shi a hankali ko an zuba shi gaba ɗaya cikin minti ɗaya. A zaunar da ɗalibin a tambaye shi dalilin da ya sa ya zaɓi wannan hanya, da ma'anar wannan jimla a shafi na kaza. Wanda ya rubuta abu yakan iya kare shi, ko da da in'ina ne.

Turnitin da kanta ta rubuta cewa kada a ɗauki adadinta shi kaɗai a hukunta ɗalibi da shi. Don haka kira ga malamai da kwamitocin ladabtarwa shi ne kada su ba wannan lamba matsayin da mai sayar da ita ma bai ba ta ba. Ku kuma ɗalibai, ku riƙa adana daftarinku da takardun da kuka yi nazari a kai har sai sakamako ya fito.